Yadda ake raba awa uku a jarrabawar ilimin doka, da sanin lokacin da za a ɗaga biro

Awa uku minti 180 ne, amma ba duka ne na rubutu ba. Wanda ya raba 180 da yawan tambayoyin da zai amsa ya fara lissafi da kuskure, domin bai ware lokacin karanta takarda ba, bai ware na zaɓen tambaya ba, bai kuma bar komai ba don gyara a ƙarshe. A jarrabawar doka wannan kuskuren ya fi yin ɓarna, saboda tambaya ɗaya tana iya cin rabin shafi ko fiye da labarin rigimar mutane, kuma sai ka karanta ta sau biyu kafin ka san me ake nema daga gare ka.

Zan bi takarda guda ɗaya daga farko har ƙarshe don lissafin ya fito fili. A ce an ba ka tambayoyi bakwai, an ce ka amsa huɗu. Ta farko dole ce, tana da maki 40, labarin rigima ce da za ka ba wani shawara a kai. Sauran uku kai za ka zaɓa, kowacce maki 20. Jimla maki 100. An fara ƙarfe 9:00, za a karɓi takarda ƙarfe 12:00.

Lissafin da ake yi kafin a rubuta komai

Cire minti 15 daga gaba don karatu da zaɓe. Cire wasu 15 daga baya ka ajiye. Abin da ya saura minti 150 ne, kuma su ne kuɗin da za ka sayi maki 100 da su. Raba 150 da 100, kowane maki ɗaya yana da minti ɗaya da rabi. Ke nan tambaya mai maki 40 ta sami minti 60, kowace mai maki 20 ta sami minti 30.

Idan takardarka ba a kan 100 take ba, hanyar ɗaya ce. A inda jarrabawa ke da maki 70, sauran 30 ɗin na aikin cikin zango ne, 150 a raba da 70 zai ba ka minti biyu da ɗan kai. Kada ka wahalar da kanka da ɗan kan nan: ba kowane maki minti biyu, ragowar minti goman ka tura su cikin ajiya. Idan kuwa duk tambayoyin makinsu ɗaya ne, huɗu za su sami minti 37 kowacce, biyar kuma minti 30.

Daga nan sai ka mai da mintocin su zama ƙarfe nawa, ka rubuta a gefen takarda, idan dokar zauren ta yarda a yi rubutu a takardar tambayoyi, in ba haka ba a shafin ƙarshe na takardar amsa. Kada ka rubuta "minti 60". Rubuta "10:15". Dalili shi ne, lokacin da kanka ya yi zafi a tsakiyar muhawara, ba ka da sukunin yin ragi da tarawa. Ido kawai kake so ya sauka kan agogo, ya sauka kan lambar da ka rubuta, ka san ko kana gaba ko kana baya. A takardarmu jadawalin zai kasance haka: karatu har 9:15, tambaya ta farko har 10:15, ta biyu har 10:45, ta uku har 11:15, ta huɗu har 11:45, sannan ajiya har 12:00.

Wani ɗan abu da ke kayar da mutane: ba kullum ake farawa a daidai lokacin da aka sanar ba. In sai 9:12 mai sa ido ya ce a fara, to daga 9:12 za ka gina jadawalinka, kuma da agogon da shi yake amfani da shi. Dubi lokacin ƙarewa da ya rubuta a allo, ka daidaita da naka. Zaure da yawa ba sa barin a shiga da waya ko agogon da ke haɗe da waya, don haka agogon hannu na gargajiya mai hannaye ya fi, in an yarda da shi.

Minti goma sha biyar na farko

Fara da umarnin da ke saman takarda, ko da ka ga takardun shekarun baya har ka haddace su. Tambaya nawa ake so? Akwai ta dole? An raba takardar kashi-kashi, an ce sai ka ɗauko aƙalla ɗaya daga kowane kashi? Wanda ya amsa uku daga kashi na farko alhali biyu aka yarda ya ƙona minti 30 a banza, komai kyan amsar.

Sannan ka karanta duka tambayoyi bakwai ɗin, har waɗanda ka tabbata ba za ka taɓa ba. Wajen zaɓe, kada sunan darasi ya ruɗe ka. Ganin kalmar da ka sani a layin farko ba ya nufin ka iya tambayar. Gwajin da ya fi inganci shi ne: a cikin rabin minti, za ka iya kawo batutuwa uku da hujja ɗaya ta shari'a ko sashen doka ga kowanne? In ka iya, sa mata alama. In tambayar tana da ɓangarori biyu, duba makin kowanne. Wadda ka san ɓangarenta mai maki 5 kamar sunanka, amma mai maki 15 yana yi maka duhu, ba taka ba ce.

Ka zaɓi duka ukun tun yanzu. Mai barin zaɓen ta ƙarshe sai 11:15 zai sake karanta tambayoyi huɗu a lokacin da ya fi gajiya, ya ci minti biyar ko shida daga minti talatin ɗin da ba su ishe shi ba tun farko.

Game da wadda za a fara da ita, malamai sun sha bamban, kuma ba na ganin akwai amsa ɗaya. Ra'ayina dai shi ne babbar tambaya ta zo ta farko ko ta biyu, kada ta taɓa zama ta ƙarshe, domin duk lattin da ka tara a kanta zai sauka, kuma ita ce mai kashi 40 cikin ɗari na takardar. In kana cikin masu rawar hannu a farkon jarrabawa, fara da gajera wadda ka sani, ka samu natsuwa. Sai dai ka sani, tambayar da ka fi sani ita ce ta fi haɗarin cinye maka lokaci, don kana da abin faɗa fiye da abin da minti 30 zai ɗauka.

Minti sittin a cikin tambaya ɗaya

A nan ne aikin yake, domin tambaya mai maki 40 sau da yawa ba ta faɗa maka yadda aka raba makin a cikinta. Kai za ka yi hasashe. Ga misali daga dokar kwangila, irin wadda ake koyarwa a tsarin da ya samo asali daga dokar Ingila. In manhajarka daban ce, hujjojin za su canja, rabon lokacin ba zai canja ba.

Ranar Litinin A ya rubuta wa B wasiƙa cewa zai sayar mata da motarsa a kan wani farashi, ya ce tayin yana nan har ranar Juma'a da rana tsaka. Ranar Talata B ta amsa tana cewa, "Za ka yarda in biya a cikin wata biyu?" A bai ce komai ba. Ranar Laraba ya sayar wa C da motar. Ranar Alhamis da safe makanikin A ya gaya wa B cewa "ai kamar motar ta tafi". Da yammacin ranar B ta jefa wasiƙa a gidan waya cewa ta amince da tayin kamar yadda yake. Wasiƙar ba ta isa ba sai Asabar. An ce ka ba B shawara.

Minti 12 na farko ba na rubuta amsa ba ne. Karanta layin ƙarshe tukuna, ka san wa kake ba shawara, sannan ka karanta labarin sau biyu. A karatu na biyu ka jera ranakun a layi ɗaya, Litinin zuwa Asabar, da abin da ya faru a kowacce. A irin wannan tambayar, jerin ranaku shi ne rabin amsa. Za ka ga na kusa da kai ya riga ya cika shafi, kai kuwa ba ka fara ba. Kada ya dame ka. Wanda ya fara rubutu bai jera batutuwa ba yakan gano na huɗu bayan ya ƙarar da lokacinsa a kan na farko.

Batutuwa shida za su fito. Saura minti 48: ware 3 don kammalawa, ka raba 45 a tsakaninsu. Ba daidai za ka raba ba, kuma ga ma'auni biyu da za su nuna maka nauyin kowanne. Na farko, bayani nawa mai tambaya ya kashe a kan batun? In ya kawo ainihin kalmomin da wani ya faɗa, ko ya ambaci safe da yamma, to da gangan ya yi, akwai maki a wurin. Na biyu, shin lauyan ɗaya ɓangaren yana da abin cewa? Batun da ba a jayayya a kansa jimla biyu ko uku ya cancanta. Wanda kowane ɓangare ke da hujja, nan ne makin ya taru.

Batu na farko, ko wasiƙar Litinin tayi ce ta gaske ko gayyata ce kawai a zo a yi ciniki. An ambaci mota, an ambaci farashi, an aika wa mutum ɗaya. Babu mai gardama. Minti 3 sun isa. A nan ne ɗalibai da yawa ke faɗa wa rami, domin darasin farko ne a manhaja kuma sun haddace shi. Sai su shiga ba da labarin shari'ar Carlill v Carbolic Smoke Ball Company, da tallar magani, da kayan da aka jera a tagar kanti. Duk daidai ne, amma ba abin da tambayar ta nema ba ne, kuma minti goma sun tafi.

Na biyu, alƙawarin da A ya yi na barin tayi har Juma'a. B ba ta ba da komai ba a madadin wannan alƙawarin, don haka bai ɗaure A ba, yana iya janyewa kafin ranar. Routledge v Grant ta 1828 ce hujjar da aka saba kawowa. Ƙa'idar a fili take, sai dai tana bukatar a ɗora ta a kan labarin. Minti 6.

Na uku shi ne zuciyar tambayar, ka ba shi minti 14. Maganar B ta ranar Talata, sabon tayi ce da ya kashe na farko, ko neman bayani ce kawai? A Hyde v Wrench ta 1840, an yi tayin gona a kan fam 1,000, mai saye ya ce zai ba da fam 950, kotu ta ce wannan ya kashe tayin farko, ba zai iya dawowa ya karɓe shi ba. A Stevenson v McLean ta 1880 kuwa, mai saye ya buga waya ta telegiram yana tambaya ko za a yarda a raba lokacin ɗaukar kaya zuwa wata biyu, kotu ta ce tambaya ce kawai, tayi yana nan da ransa. Makin ba ya cikin ambaton sunayen nan biyu. Yana cikin komawa ga kalmomin B: ta ce "za ka yarda", ba ta ce "zan biya" ba, ba ta taɓa farashi ba, ba ta ƙi komai ba. Sannan ka kawo abin da lauyan A zai ce, wato lokacin biya sharaɗi ne mai nauyi kuma ta nemi a sauya shi. Ka auna, ka faɗi wanda ya fi ƙarfi, ka wuce.

Na huɗu, minti 12: an janye tayin kafin B ta amince? Sayar wa C kaɗai bai isa ba, domin janyewa ba ta aiki sai ta isa ga wanda aka yi wa tayi, kamar yadda Byrne v Van Tienhoven ta 1880 ta nuna. Amma Dickinson v Dodds ta 1876 ta nuna ba lallai labarin ya fito daga bakin mai tayi ba, yana iya zuwa ta wani mutum da ya cancanci a gaskata shi. To makanike irin wannan mutumin ne? Kuma "kamar ta tafi" tabbaci ne ko jita-jita? Mai tambaya bai sa kalmar "kamar" don ado ba.

Na biyar, ƙa'idar gidan waya ta Adams v Lindsell, 1818: amincewa ta kammala lokacin da aka jefa wasiƙa, ba lokacin da ta isa ba, muddin amfani da gidan waya ya dace da yanayin cinikin. Ke nan Alhamis ce ranar da za a ƙirga, ba Asabar ba, amma sai in tayin yana raye a lokacin. Minti 7. Na shida, abin da B za ta samu in kwangila ta ƙullu, wato diyya. Tambayar ba ta ba da bayani a kai ba, don haka minti 3.

Rubuta waɗannan lambobin kusa da kowane batu a tsarinka. Ba za ka bi su daidai da daƙiƙa ba, ba kuma wannan ake nufi ba. Amfaninsu shi ne in ƙarfe 9:45 ta yi kana batu na biyu, ka san akwai matsala tun da sauran damar gyara. Bisa tsarin, 9:27 ka fara rubutu, 9:36 ka shiga batu na uku, 9:50 ka bar shi.

Tambayar sharhi mai minti 30 ta fi sauƙin rabo. Minti 5 na tsari, 22 na rubutu, 3 na kammalawa. Minti 22 ba za su ɗauki fiye da batutuwa uku ko huɗu masu hujja ba, don haka in tsarinka ya kawo bakwai, tankaɗe su tun kafin ka fara. Gabatarwa kada ta wuce jimla uku, kuma ta faɗi matsayinka kai tsaye. In tambayar tana da ɓangare mai maki 5 da mai maki 15, minti 7 ne da minti 23, ko da na farkon ne ka fi so.

Dalilin da ya sa ake tsayawa ko ba a gama ba

Makin tambaya ba farashi ɗaya suke ba. Na farko suna da araha: ka gane batu, ka faɗi ƙa'ida, ka kawo hujja, ka ɗora a kan labarin, sai su yi ta zuwa. Na ƙarshe suna da tsada ƙwarai, kuma a darussan doka da wuya a ba mutum cikakken maki komai ƙwarewarsa. Kamar matse riga ce da aka wanke: murɗawar farko ruwa ke zuba, ta biyar ɗigo biyu za ka samu bayan hannunka ya yi ja.

Ɗauki ɗalibai biyu masu ilimi ɗaya, da lambobi na misali kawai. Na farko ya tsaya 10:15, ya sami 26 cikin 40, sannan 12 a kowace ɗaya daga sauran ukun. Jimla 62. Na biyu ya ji bai gamsu ba, ya ƙara minti 25 a babbar tambaya, ya kai ta 29. Bai rage lokacin ta biyu da ta uku ba, ya sami 12 a kowacce, ya kuma ɗan zarce a kansu har ajiyarsa ta ƙare. Da ya zo ta huɗu minti biyar suka rage, ya sami 3. Jimla 56. Ya sayi maki 3 da asarar maki 9, kuma zai fito yana jin daɗi, domin amsarsa ta farko ta yi kyau.

Saboda haka idan lokacin tambaya ya cika, ana tsayawa. Sai dai tsayawa tana da hanya. Minti uku kafin lokacin, ƙarasa jimlar da kake kai. In akwai batun da ba ka kai gare shi ba, rubuta shi a layi biyu: sunan batun, ƙa'idar, hujjar, da inda kake ganin zai faɗa. Misali, in 10:12 ta same ka ba ka taɓa batun gidan waya ba, ka rubuta cewa bisa Adams v Lindsell amincewar B ta kammala ranar Alhamis da yamma, kafin wa'adin Juma'a, amma hakan zai amfane ta ne kawai in kotu ta ce maganar makanike ba ta kai janyewa ba. Wannan jimlar ɗaya ta kwashi rabo mai kyau daga makin batun. Sannan ka rubuta shawararka ga B a fili, domin abin da aka tambaya ke nan. Bar rabin shafi fari, ka fara ta gaba a sabon shafi. In ajiya ta rage, za ka dawo.

Akwai kuma alamun da ke nuna lokacin tsayawa ya yi tun agogo bai ce ba. In ka ga kana sake kwafe labarin tambayar ba tare da ka ɗora masa doka ba, ka gama. In ka kawo shari'a ta uku a kan ƙa'idar da biyu suka riga suka tabbatar, ka gama. In ka fara jimla da "kamar yadda na faɗa a baya", ko ka shiga ba da tarihin yadda ƙa'idar ta samo asali alhali shawara aka nema, ka gama. Gwaji mai sauƙi shi ne ka tambayi kanka: wannan jimlar da zan rubuta, akwai wani sabon bayani daga labarin da za ta taɓa? In babu, wuce. Minti huɗun da ka tsira da su sun shiga ajiya.

Sunan shari'a da ya ɓace maka ma ɓarawon lokaci ne. Kada ka zauna kana kallon rufi. Faɗi ƙa'idar, ka siffanta shari'ar a taƙaice, "shari'ar da aka yi tayin gona aka nemi ragi", ka bar ɗan fili. Sau da yawa sunan zai faɗo maka kana tsakiyar wata tambayar. Shekara kuwa, in ba ka tabbata ba, barin ta ya fi rubuta ta ba daidai ba.

In jadawalin ya riga ya karye

Zai faru wata rana. A ce ka ɗaga kai ka ga 10:35, yanzu ka gama ta farko, latti na minti 20. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ci gaba da ba ta biyu da ta uku cikakken minti 30, a bar ta huɗu ta biya bashin duka. Maimakon haka, sake lissafi nan take. Daga 10:35 zuwa 12:00 minti 85 ne. Rage ajiya zuwa 10, saura 75, kowace tambaya ta sami 25. Soke tsoffin lambobin, ka rubuta 11:00, 11:25, 11:50. Abin da kowace tambaya ta rasa shi ne mintinta biyar na ƙarshe, waɗanda dama su ne mafi ƙarancin riba. Abin da ba za ka rage ba shi ne tsari. Minti biyar na jera batutuwa sun fi muhimmanci a lokacin da kake sauri, domin ba ka da damar ɓata hanya.

In abin ya yi muni, minti goma suka rage ga tambaya sukutum, manta da gabatarwa da dogayen jimloli. Rubuta lambar tambayar, ka jera batutuwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙa'ida a jimla ɗaya, hujja, da jimla ɗaya da ke haɗa shi da labarin. Fara da batun da ya fi nauyi, ba wanda ya zo farko a labarin ba, don in an ce a ajiye biro ya zama ƙanana ne suka rage. Masu duba takarda sun bambanta kan yadda suke karɓar amsa a jere haka, wasu suna rage maki, amma babu mai iya ba shafi fari komai. Rubuta "lokaci ya ƙare" a ƙasa ba ya ƙara maki, daƙiƙun ka sa su a wani batun.

Ajiyar ƙarshe, da gwajin da ake yi a gida

In ka iso 11:45 da ajiyarka, bi ta bisa tsari. Da farko duba lambar jarrabawarka da lambobin tambayoyin, musamman in ba a jere ka amsa ba, ko ka karɓi ƙarin takarda da ke bukatar a haɗa. Sannan koma ga filayen da ka bari, ka fara da na tambayar da ta fi maki. Sai kuma ka duba kammalawar kowace amsa, ko ka ba wanda aka ce shawara, ba abokin rigimarsa ba, ko kuma ka musanya sunan A da B a wani wuri, wanda yakan juya ma'anar sakin layi gaba ɗaya. Gyaran rubutu ya zo a ƙarshe. Kada ka soke sakin layi guda a 11:55 da niyyar sake rubuta shi.

Duk wannan lissafin yana tsaye ne a kan lamba ɗaya da kai kaɗai za ka iya samowa, wato yawan abin da hannunka ke iya rubutawa a minti talatin kana tunani, ba kana kwafe ba. Ɗauki tsohuwar tambaya, rufe littafi, sa agogo na minti 30, ka amsa da irin biron da za ka shiga da shi. Da lokaci ya cika ka tsaya, ko a tsakiyar kalma. Ƙirga shafukan. In shafi biyu ka samu, to amsar maki 20 a wurinka shafi biyu ce, ta maki 40 kuma kusan huɗu, kuma duk tsarin da ya fi haka tsawo ba zai shiga ba. Sannan ka duba amsar da jan biro, ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ba ta taɓa wani bayani na labarin ba kuma ba ta kawo ƙa'ida ba, ka ga minti nawa suka tafi a kansu. Aƙalla sau ɗaya kafin ranar, yi cikakkiyar takarda ta awa uku a zama ɗaya, domin hannu yakan rage gudu a awa ta uku. In ka ga naka yana raguwa sosai, ɗauko minti uku daga babbar tambaya da biyu daga ajiya ka ƙara wa ta ƙarshe, ka shiga zaure da jadawalin da aka riga aka gyara.